HAGU NASU, DAMA NAMU: DARASIN DA MUKA KOYA DAGA LITTAFIN RUBUTUNMU

Mu 'yan Ƙungiyar Tarihi ne na aji shida, masu shirin barin wannan makaranta. Da aka ba mu fili a wannan mujalla, mun so mu ba da labarin nasarorinmu kamar yadda sauran ƙungiyoyi suke yi. Amma da muka zauna muka yi shawara, sai muka ga labarin kunyar da muka sha zai fi yi wa ƙannenmu amfani. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu biyar aka zaɓa mu rubuta maƙala da Hausa domin gasar makarantun sakandare na yankinmu. Kan maganar shi ne yadda noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Kano bayan zuwan jirgin ƙasa. Mun fara karatu a watan Nuwamba, cikin zangon farko. Kowace Laraba da yamma muna laburare, mun baza littattafai a tebur, wasu na Hausa, wasu na Turanci. Littafin rubutu guda muke da shi, mai bango ja, kuma duk abin da ya burge mu sai mu zuba a ciki. Wani lokaci mu kwafi jimla yadda take, wani lokaci mu taƙaita, wani lokaci kuma ɗayanmu ya kawo nasa tunani a rubuta. Duka da biro shuɗi ɗaya, duka a jere, babu abin da ya raba wannan da wancan. A lokacin ba mu ga laifin haka ba, domin kowannenmu ya san abin da ya kwafa da abin da ya fito daga kansa.

Daga nan jarrabawa ta zo, hutun Kirsimeti ya zo, zango na biyu ya zo da nasa hidimomi. Ba mu sake buɗe jan littafin ba sai a watan Mayu, wato bayan wata shida. Cikin mako biyu muka haɗa maƙalar, muka kai wa Malamar Tarihi ta duba kafin a aika. Muna ta murna, musamman da wani sakin layi a shafi na biyu wanda ya fi kowane daɗin karatu. Sakatarenmu ya ce shi ya tsara shi, mu kuma muka yi ta yaba masa.

Washegari Malama ta aiko a kira mu ofishin malamai. Mun tarar da maƙalarmu a tebur, kusa da ita kuma ga wani ɗan littafin Hausa na laburare a buɗe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa sakatarenmu ya karanta sakin layin nan da ƙarfi, ita kuma tana bin littafin da yatsa, mu muna kallo. Layi huɗu cur, kalma bayan kalma, babu bambanci sai wuri guda da muka sa "amma" inda marubucin ya sa "sai dai". Sakatarenmu ya tsaya, muryarsa na rawa, ya ce, "Malama, ki yarda da ni, ni na rubuta wannan. Ina iya tuna ranar." Malama ta ce, "Ɗana, na yarda hannunka ne ya rubuta. Amma alƙalan gasa ba za su ga zuciyarka ba, takarda za su gani."

Wannan magana ta zauna mana. Ba ƙarya ɗan'uwanmu yake yi ba. Ya tuna ranar da ya rubuta layukan, ya tuna teburin da ya zauna, ga kuma rubutun hannunsa yana kallonsa. Abin da ya manta shi ne akwai littafi a buɗe a gabansa a ranar. Da a ce maƙalar ta tafi haka, dokar gasar ta ce a fitar da duk makarantar da aka kama da satar rubutu, kuma sunan makarantarmu ne zai ɓaci, ba namu kaɗai ba. Shi kuma da ya fita daga nan da sunan ɓarawo, alhali bai taɓa niyyar sata ba.

Malama ta bayyana mana dalilin. Ƙwaƙwalwar mutum takan riƙe magana fiye da yadda take riƙe inda ta samo ta. Yau ka karanta jimla, ka san ta wane ce. Bayan wata ɗaya kana tuna jimlar, amma sunan littafin ya fara dushewa. Bayan wata shida jimlar ta zama 'yar gida, ka saba da ita, kuma sabon nan shi ne yake ruɗin ka har ka ɗauka kai ka haife ta. Idan kuma da rubutun hannunka ka same ta, to, shaida ta cika a wurinka. Saboda haka ba a dogara ga tuni. Takarda ce za ta tuna maka, kuma ba za ta tuna abin da ba ka sa mata ba.

Don kada mu ɗauka wannan ciwon yara ne kawai, ta ba mu labarin wata shahararriyar marubuciyar tarihi ta ƙasar Amirka, Doris Kearns Goodwin. A 1987 ta fitar da wani babban littafi a kan iyalan Fitzgerald da Kennedy, wanda ta shafe shekaru tana aikinsa. Ba a daɗe ba wata marubuciya, Lynne McTaggart, ta ga jimlolin littafinta a kan Kathleen Kennedy a cikin wancan littafi ba tare da alamar zance ba. Aka sasanta a asirce, aka biya ta kuɗi. A 2002 maganar ta fito fili a jaridu. Goodwin ta yi bayani cewa da hannu take ɗaukar bayanai, kuma da ta zo rubutu sai ta ɗauki wasu jimlolin da ta kwafa a matsayin nata. Wasu sun karɓi uzurinta, wasu ba su karɓa ba. A wannan shekarar ta sauka daga kwamitin da ke ba da kyautar Pulitzer, kyautar da ita kanta ta ci a 1995. Malama ta ce mu lura da abu guda: ko gaskiya ta faɗa, ba ta da hanyar nuna wa duniya, domin bayananta ba su raba nata da na wasu ba.

Aka ba mu mako uku mu sake aikin daga tushe, da sabon littafin rubutu da sabuwar doka. Wannan dokar ce muke so mu bar wa ƙannenmu.

Abu na farko, kafin mu rubuta ko kalma ɗaya daga wani littafi, sai mu juya zuwa shafin ƙarshe na littafin rubutunmu mu yi masa rajista. Mu rubuta sunan marubuci, sunan littafi, garin da aka buga shi, kamfanin da ya buga, da shekara, sa'an nan mu ba shi lamba. Littafi na farko lamba 1, na biyu lamba 2, haka har ƙarshe. Wannan bai fi minti biyu ba, amma daga nan ba sai mun sake rubuta dogon suna ba. Idan muka sa 3/52 a gefen bayani, mun san littafi na uku ne, shafi na 52. Kuma lambar shafi ita ake fara rubutawa, kafin bayanin. Mun gwada barin ta sai ƙarshe, sai muka ga da zarar an buga ƙararrawa mutum yakan rufe littafi ya tashi, lambar ta tafi ke nan.

Abu na biyu, mun raba littafin rubutun gida biyu. Idan aka buɗe shi, shafin hagu na mutane ne, shafin dama namu ne. Duk abin da ya fito daga wani littafi ko daga bakin wani, hagu yake zuwa. Duk abin da ya fito daga kanmu, ko tambaya ce, ko shakka, ko ra'ayi, dama yake zuwa, daidai da bayanin da ya jawo shi. Ba a tsallake iyaka ko da shafin hagu ya cika na dama yana fari fat. Da farko mun ga kamar ɓarnar takarda ce. Daga baya muka gane farin shafin nan ma magana yake yi: yana gaya mana mun yi ta kwafa ba mu yi tunani ba.

Abu na uku, a shafin hagun ma ba kome ne iri ɗaya ba. Kowane bayani yana farawa da harafi guda a gefe. Harafin N yana nufin nasa ne, kalma da kalma. Harafin T yana nufin taƙaitawa, wato ra'ayinsa ne amma da bakinmu. Bayanin N dole a buɗe masa alamar zance a farko, a kuma rufe a ƙarshe, nan take, ba sai an jima ba. Rufewar ta fi buɗewar muhimmanci, domin da muka koma jan littafinmu mun sami wurare da dama da aka buɗe alamar aka manta ba a rufe ba, ba wanda ya san inda maganar marubuci ta tsaya tamu ta fara. Idan mun tsallake wasu kalmomi a tsakiya, mu sa ɗigo uku. Idan mun ƙara kalma tamu don a gane, mu sa ta cikin baka mai kusurwa. Idan jimlar ta haura zuwa shafi na gaba a littafin, mu ja ɗan karan tsaye a daidai wurin, domin wata rana rabin jimlar kawai za mu ɗauka, kuma dole mu san shafinsa. Bayan an gama kwafa, a sake bin ta da yatsa a gwada da littafin, domin wanda ya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba shi ma ya yi masa laifi.

Bayanin N ba shi da wuya. Inda haɗarin yake shi ne bayanin T, kuma a nan Malama ta fi daɗewa da mu. Ta rubuta wata jimla tata a allo, ta ce mu ɗauka daga littafi na uku ta fito, shafi na 52. Ga jimlar: Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa ran auduga za ta cika taragu, amma manoma suka auna farashi da idon basira, suka juya wa auduga baya, suka rungumi gyaɗa.

Ta ce kowa ya taƙaita. Huɗu daga cikinmu muka kawo kusan abu ɗaya: Lokacin da jirgin ƙasa ya zo Kano a 1911, Turawa sun yi zaton auduga za ta cika taragu, amma manoma suka duba farashi da idon basira, suka ƙyale auduga, suka rungumi gyaɗa. Muna jin mun yi ƙoƙari, tun da mun canza "da" zuwa "lokacin da", "iso" zuwa "zo", "auna" zuwa "duba". Malama ta ɗauki jan alli ta ja layi a ƙarƙashin duk abin da bai canza ba. Kusan jimlar duka ta yi ja. "Auduga za ta cika taragu" yana nan, "da idon basira" yana nan, "suka rungumi gyaɗa" yana nan, kuma jerin maganar daga farko zuwa ƙarshe bai motsa ba. Ta ce wannan akuyar maƙwabci ce aka shafa wa shuni. Irin wannan bayani ya fi kowane haɗari, domin bai zama N ba balle a sa masa alamar zance, bai kuma zama T na gaskiya ba. Bayan wata shida za ka ga harafin T a gefensa, ka amince, ka zuba shi cikin maƙala.

Maganinsa shi ne a rufe littafi. Ka karanta sakin layin sau biyu, ka kife littafin, ka ɗaga kai ka tambayi kanka: me mutumin nan yake so ya ce? Ka faɗa kamar kana gaya wa ƙanenka na aji ɗaya, sa'an nan ka rubuta. Malama ta rufe allon da kwali, muka sake gwadawa. Ga abin da ya fito: T 3/52. A ganin marubucin, riba ce ta sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, ko da yake auduga Turawa suka yi fatan jirgin zai riƙa ɗauka. Yanzu jerin maganar ya sauya, kalmomin namu ne, kuma mun fara da "a ganin marubucin" don kada mu manta ra'ayin yana da mai shi. Bayan an rubuta sai a buɗe littafin a gwada. Mu mun ɗaukar wa kanmu ƙa'ida: idan kalmomi huɗu a jere sun zo daidai da nasa, ko dai mu sake, ko mu sa musu alamar zance a cikin taƙaitawar. Wannan ƙa'idar aiki ce kawai, ba doka ba. Sunan wuri da shekara dole su zo daidai, babu laifi. Amma adon magana irin "idon basira", ko da kalma biyu ce, na mai shi ne.

Sai shafin dama. Muna cikin wannan gwaji ɗayanmu, wadda iyayenta manoma ne, ta ce ai gyaɗa ko kasuwa ta faɗi ana ci, auduga kuwa ba mai dafa ta. Malama ta ce maza a rubuta a dama, a sa kwanan wata. Aka rubuta: Gyaɗa abinci ce, auduga ba abinci ba. Ko wannan ma ya sa manoma suka fi amincewa da ita? A bincika. Mako guda bayan haka muka tarar da irin wannan ra'ayi a wani littafin Turanci. Mun ɗan ji haushi an riga mu, amma ba mu ruɗe ba. Kwanan watan ya nuna mana mun yi tunanin da kanmu, shafin hagu kuma ya nuna wa ya riga mu. A maƙalar muka kawo ra'ayin, muka ambaci sunansa a matsayin wanda ya fara faɗa.

Wannan ya kai mu ga wani kuskure da muka daɗe muna yi. Mun ɗauka idan ka sauya kalmomi, magana ta zama taka. Ba haka ba ne. Bayanin N yana bukatar alamar zance da sunan mai shi. Bayanin T ba ya bukatar alamar zance, amma yana bukatar suna, domin tunanin ba namu ba ne. Abin da ba ya bukatar kome shi ne na shafin dama, da kuma abin da kowane littafi ya sani, kamar cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma dalilin da ya sa manoma suka zaɓi gyaɗa, wannan bincike ne da wani ya sha wahalarsa, dole a ambace shi.

Akwai wani rami kuma da ya shafe mu musamman, mu da muke karatu da Turanci muna rubutu da Hausa. Da muka bi tsohuwar maƙalarmu layi layi, mun gano wani sakin layi na biyu da Malama ba ta kama ba. Daga littafin Turanci muka juya shi zuwa Hausa, jimla bayan jimla. Babu kalma ɗaya da ta yi daidai da ta littafin, tun da harshen daban ne, amma duk da haka maganar mutumin ce muka sa wa rigar Hausa. Mu da kanmu muka kai wa Malama. Daga ranar muka ƙara harafi na uku, wato F, fassara. Bayanin F ana kwafe Turancin a sama cikin alamar zance, a sa Hausar a ƙasa, ita ma cikin alamar zance, kuma a maƙala a ce fassararmu ce ta maganar wane. Haka nan da muka je wurin wani dattijo da ya yi dakon gyaɗa a ƙuruciyarsa, shi ma mun ba shi lamba a shafin ƙarshe, da ranar da muka gana. Rashin buga littafi bai sa maganarsa ta zama ta kowa ba.

Wani zai ce yanzu ai akwai waya da kwamfuta, wa zai zauna yana kwafa da hannu? Gaskiya ne, amma haɗarin ƙaruwa ya yi. Da hannu sai ka ɗauki minti biyar kana kwafar sakin layi, a na'ura kuwa cikin ƙiftawar ido ka kwafa ka liƙa, kuma da ya shiga cikin rubutunka sai ya saje, ba ka bambance su. Dokar ba ta canza ba. A fara buga alamar zance da lambar littafi, sa'an nan a liƙa a tsakaninsu, a kuma ba shi launi dabam. Launi kaɗai bai isa ba, domin yakan ɓace idan aka kai rubutun wani wuri, amma alamar zance tana tafiya tare da shi. Wanda ya ɗauki hoton shafi da waya, ya fara ɗaukar bangon littafin, ya kuma tabbatar lambar shafin ta fito a hoton.

To, idan mutum ya riga ya yi irin namu, yana da tsohon littafi da kome ya cakuɗe fa? Akwai alamu. Idan ka ga jimla ta fi ƙarfin bakinka, da kalmomin da ba ka saba amfani da su ba, ka yi shakkarta. Idan bayanan da ke kewaye da ita guntaye ne, cike da gogewa, ita kuma ta zo doguwa sumul babu gyara ko ɗaya, to, kwafa ce, domin tunanin mutum ba ya fitowa a goge tun farko. Da muka sake duba layuka huɗun nan a jan littafinmu, haka suke, tsaf babu ko tabo. Dokarmu a nan gajera ce: duk bayanin da ba shi da alama, na wani ne har sai an tabbatar. Idan an nemi asalinsa an rasa, a bar shi, kome daɗinsa.

Ba za mu ɓoye muku ba, wannan hanya tana cin lokaci. A yamma ɗaya da muke cika shafi shida, sai muka koma cika uku. Kuma ba ta hana wanda ya yi niyyar sata. Mai gaskiya take karewa daga mantuwarsa. Amma lokacin da ta ci a laburare ta mayar mana da shi a ranar rubutu, domin ba mu sake komawa neman shafi ko ɗaya ba.

Maƙalarmu ta tafi a kan lokaci. Ba mu zo na ɗaya ba, na huɗu muka zo, kuma sakin layin nan mai daɗi yana ciki, cikin alamar zance, da sunan mai shi a gabansa. Sakatarenmu ne ya nemi a bar shi ya sa alamar da hannunsa.

Jan littafin da sabon littafin duka mun bar su wurin mai kula da laburare. Duk ɗan aji huɗu ko biyar da aka ba aikin bincike, ya je ya roƙa a nuna masa, ya buɗe su gefe da gefe kafin ya sayi nasa. Muna godiya ga Malamarmu da ta kira mu ofis maimakon ta kira sunayenmu a taron safe. Allah ya saka mata da alheri, ya kuma sa ƙannenmu su fi mu.

Daga 'yan Ƙungiyar Tarihi, Aji Shida